In ji wa? Abin da ya sa edita ke dawo miki da mai magana farkon jimla

"Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ina koyon sanin makamar aiki a ɗakin labaran wani gidan rediyo, wata na biyu kenan. Duk labarin da na rubuta sai edita ya ɗauko 'in ji rundunar 'yan sanda' ko 'a cewar gwamna' daga ƙarshe ya mayar da shi farko, alhali a jarida kullum a ƙarshe nake gani. Na tambaye shi ya ce haka ake yi kawai. Don Allah mene ne dalili, kuma dole ne kowace jimla sai an yi mata haka?"

To ƙanwata, editanki yana da gaskiya, sai dai bai kyauta miki ba da ya tsaya a "haka ake yi", domin abin yana da dalili kuma dalilin ba mai wahala ba ne. Ni ma haka aka yi min lokacin da na fara, jan biro kawai nake gani a kan takardata babu bayani, sai da na yi kwaɓar da zan ba ki labarinta nan gaba kaɗan sannan na gane da kaina.

Ki fara da tunanin wanda kike rubuta wa. Mai karanta jarida idonsa na kan takarda, in ya ga magana mai nauyi idonsa kan zarce ƙarshen layi ya ga wanda ya faɗa, in bai gane ba ya koma baya ya sake karantawa, ga kuma alamomin zance a gabansa suna nuna masa nan maganar wani ce. Mai sauraron rediyo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana tuƙa adaidaita sahu ne, ko tana tsaye gaban murhu yara na ihu, ko yana shago yana ba wani canji, jimla na shiga kunnensa kalma bayan kalma, sau ɗaya tak, kuma abin da ya fara ji shi yake ɗauka. Sannan muryar da yake ji muryar gidan rediyo ce, wadda ya saba da ita ya yarda da ita. Duk abin da wannan muryar ta faɗa ba tare da ta fara jingina shi ga wani ba, a wajen mai sauraro gidan rediyon ne ya faɗa. Shi ya sa za ki ji mutum a majalisa yana rantsuwa "wallahi a rediyo na ji", ba zai ce miki ɗan siyasa kaza ne ya faɗa a rediyo ba, sai in an sa masa sunan a kunne tun kafin maganar.

Ki gwada karanta wannan da ƙarfi, ba a zuci ba:

"Gwamnatin jihar ta karkatar da kuɗin da aka ware domin gyaran asibitoci zuwa yaƙin neman zaɓe, lamarin da ya jefa marasa lafiya cikin mawuyacin hali, in ji jam'iyyar adawa."

Ki duba agogo, za ki ga kin yi wajen sakan goma kina magana kafin ki iso ga "in ji". Sakan goma a rediyo lokaci ne mai yawa. A cikinsu mai sauraro ya riga ya ji gidanku ya ce gwamnati ta ci kuɗin asibiti, ya yi salati, ya juya yana gaya wa na kusa da shi, kuma daidai lokacin da yake cewa "kai ka ji?" a lokacin ne mai karatu ke faɗin "in ji jam'iyyar adawa", ba wanda ya ji. Yanzu ki juya ta:

"Jam'iyyar adawa a jihar ta zargi gwamnati da karkatar da kuɗin gyaran asibitoci zuwa yaƙin neman zaɓe."

Kalma ta farko ta gaya wa mutum da wane kunne zai saurari sauran. Ya san adawa ce ke magana, ya san zargi ne, shi zai auna da kansa. Kuma kin ga jimlar ma ta fi gajarta, mai karatu zai fitar da ita da numfashi ɗaya.

Abin da ke rikita mu mu Hausawa shi ne "in ji" a bakinmu a ƙarshe yake zama, kuma daidai ne a hira. Amma ki lura da aikin da yake yi a karin magana. In an ce "wata sabuwa, in ji ɗan caca", daɗin maganar duk yana cikin cewa sai a ƙarshe kike jin mai faɗa, sai ma'anar ta juye, a yi dariya. Wato jinkirta mai magana dabara ce ta ba da mamaki. A labarai ba ma son wannan juyin ko kaɗan, ba ma son mutum ya fahimci abu ɗaya a farkon jimla sannan ƙarshenta ya ƙwace masa. Kuma in kin duba, al'adarmu ta isar da saƙo mai nauyi da baki tun asali mai magana take sa wa gaba. Mai shela in ya fito ba ya fara da umarnin, sai ya ce sarki ya gaishe ku, sarki ya ce, sannan saƙo ya biyo. Malami a wajen karatu kafin ya kawo hadisi sai ya ce an karɓo daga wane. Duk abu ɗaya ne, mutanen da ke aiki da kunne sun daɗe da gane cewa sai an san mai magana ake sanin nauyin magana. Ba wata ƙa'idar Turawa ba ce aka ɗora mana.

Inda matsalar ta fi shigowa ɗakin labarai kuwa ta wajen fassara ce. Yawancin abin da ke zuwa mana, na kamfanin dillancin labarai na NAN ne ko Reuters ko AFP ko takardar sanarwa daga ma'aikatu, da Turanci yake zuwa kuma an rubuta shi ne don jarida, majiya a wutsiya. Mai fassara yana sauri, saura minti ashirin a shiga situdiyo, sai ya bi jimlar yadda ta zo daga hagu zuwa dama, ya manna "in ji" a inda Bature ya sa nasa. Ni abin da nake gaya wa yarana shi ne kada ka fara fassara sai ka karanta sakin layin gaba ɗaya ka nemo wanda ya yi maganar, ka rubuta shi tukuna, ka sa "ya ce" ko "ta ce", sannan ka ɗaga kai daga takardar ka faɗi sauran kamar yadda za ka gaya wa mahaifiyarka.

Labari guda da ya kamata ki riƙe

A daren 14 ga Afrilun 2014 aka sace 'yan matan makarantar sakandaren Chibok a jihar Borno. Ranar 16 ga wata sai hedikwatar tsaron Najeriya, ta bakin kakakinta na lokacin Manjo Janar Chris Olukolade, ta fitar da sanarwa cewa an kuɓutar da 'yan matan, saura takwas kawai ba a gani ba. Shugabar makarantar da iyayen yara suka ce sam ba haka ba ne, kuma cikin kwana biyu rundunar ta janye maganar. Daga baya adadin da aka tsayar na waɗanda aka sace shi ne 276.

To ki ɗauka kina kan tebur a daren da sanarwar ta fito, ba ki san abin da gobe za ta haifar ba, takardar soja kawai ce a hannunki. Hanya ta farko ki rubuta:

"An kuɓutar da dukkan 'yan matan Chibok in ban da guda takwas, a cewar hedikwatar tsaro."

Ki tuna akwai uba a Chibok da rediyo manne a kunnensa. Abin da ya ji shi ne "an kuɓutar", da muryarku. Washegari in maganar ta rushe, gidanku ne ya yi masa ƙarya, kuma ba zai karɓi uzurin cewa ai mun sa "a cewar" a ƙarshe ba. Hanya ta biyu:

"Hedikwatar tsaron Najeriya ta ce an kuɓutar da 'yan matan Chibok, in ban da guda takwas."

Wannan jimlar gaskiya ce a daren da aka karanta ta, kuma gaskiya ce har yau, domin lallai hedikwatar ta faɗa. Abin da kika sani tabbas shi ne an yi maganar, ba ki san ko abin ya faru ba, saboda haka sai ki gina jimlar a kan abin da kika sani. Washegari kuma labarinki na biyu zai hau kan na farko ba tare da kin ji kunya ba: "Shugabar makarantar ta musanta maganar sojoji cewa an kuɓutar da ɗalibanta." Mai sauraro yana ganin ɓangare biyu, kowa da sunansa a gaban maganarsa, ke kuma kina gefe.

Ba sau ɗaya irin wannan ta faru ba. A 2018 ma da aka sace 'yan matan Dapchi, gwamnatin Yobe ta fara cewa an ceto wasu, ta dawo ta ba da haƙuri. Shi ya sa in labari ya shafi adadin mamata, ko waɗanda aka kama, ko aka ceto, ko nasarar da wani ɓangare ke cewa ya samu a fagen daga, ni ba na ma tsayawa tunani, majiya gaba.

Jimla ta biyu, wajen da aka fi faɗuwa

Mafi yawan masu koyo suna gane ta farko da wuri. A ta biyu da ta uku ne ƙafa ke zamewa, kuma a nan tawa ta zame. Ina sabon shiga, wani ɗan siyasa ya kira taron manema labarai ya zazzaga wa shugaban wata ƙaramar hukuma zarge-zarge. Na rubuta jimlar farko tsaf, wane ya zargi wane. Sai na ga kamar maimaita "ya ce" zai gundiri mutane, na saki jimla ta biyu tsirara: "Shugaban ya sayar da filayen makarantar firamare ga 'yan uwansa." A kaina ai ci gaban maganar ɗan siyasar ce, kowa zai gane. Edita na dare bai lura ba, aka karanta. Kafin a gama labaran wayar ɗakin labarai ta fara ruri, da safe ga mutanen shugaban a bakin ƙofa, suna cewa gidan rediyo ya yanke wa ubangidansu hukunci. Kuma da aka sake kunna faifan, gaskiyarsu ce, duk wanda ya murɗo tashar bayan jimlar farko abin da ya ji kenan. Sai da aka ba da haƙuri a iska, ni kuma na sha faɗan da har yau ina tuna shi.

Darasin shi ne jinginawa ba ta wuce jimlar da take ciki. In jimla uku duk maganar mutum ɗaya ce, ukun duka sai sun ɗauki alama. Ba sai kin maimaita dogon suna da muƙami ba, "ya ce" kawai ta isa, ko "ya ƙara da cewa", ko "a cewarsa" a farkon jimlar. Kada ki ji tsoron maimaita "ya ce". A takarda ne take cika ido, a kunne ba a ma jin nauyinta, wucewa take kamar numfashi. In labarin ya kai jimla huɗu ko biyar ki dawo da sunan ko muƙamin sau ɗaya saboda wanda ya shigo a tsakiya.

Sai ki kula da "ya" ɗin nan in maza biyu ne a labari. "Gwamnan ya gana da ministan, ya ce zai kammala aikin kafin damina." Waye ya ce, waye zai kammala? Ke da kika rubuta kin sani, mai sauraro bai sani ba. Ki fasa ta biyu ki kira kowa da sunansa. Wani lokaci Hausa kan taimake ki da kanta, runduna "ta ce", kakaki "ya ce", to amma nan ma akwai tarko, kada ki fara da "rundunar 'yan sanda ta ce" sannan jimla ta gaba ki faɗo da "ya ƙara da cewa" alhali ba ki gabatar da wani namiji ba. Ina jin wannan a iska kusan kullum. Mai sauraro sai ya tsaya yana neman wannan "ya" ɗin daga ina ya fito, kafin ya dawo labari ya wuce.

Kada kuma majiyar ta cinye jimlar

Ga inda wasu ke wuce gona da iri. An ce a sa mai magana gaba, sai su kwaso sunansa da muƙaminsa da sarautarsa da wanda ya wakilta da wajen taron duk su jibge a farko: "Mai girma kwamishinan lafiya na jiha, Alhaji Dakta wane, Sarkin kaza na kaza, wanda babban sakataren ma'aikatar ya wakilta a wajen taron ƙara wa juna sani na yini biyu da aka gudanar a ɗakin taro na kaza, ya bayyana cewa..." Kafin a zo ga abin da ya faɗa mai karatu ya ƙare numfashi, mai sauraro ya tafi. Wannan ba bin ƙa'ida ba ne, kashe labari ne.

A jimlar farko gajeriyar alama ake so, kalma uku zuwa biyar, wadda mutum zai gane nan take. "Ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce za a fara rigakafin ƙyanda ranar Litinin." Shi kenan. Jimla ta biyu sai ki kawo mutumin: "Kwamishinan lafiya, wane, ya ce..." Muƙami kafin suna, domin muƙamin ne ke gaya wa mutum dalilin da zai sa ya saurara, sunan da bai taɓa ji ba ba ya gaya masa komai. In sunan sananne ne kamar shugaban ƙasa ko gwamnan jiharku, ki haɗa su lokaci guda ba matsala. In kuma mutumin ba a san shi ba kuma sunan bai ƙara komai ba, "wani shaidar gani da ido ya shaida wa wakilinmu" ya wadatar. Kuma in wakilin kwamishinan ne ya karanta jawabi, ki faɗi gaskiya, kada ki ce kwamishina ya ce alhali yana Abuja, ko dai ki ce ma'aikatar, ko ki ce a jawabin da aka karanta a madadinsa.

Kalmar da ke bin sunan ita ma hukunci ce, kuma nan nake yawan sa jan biro. "Ya ce" ita ce mai tsabta, ba ta goyon baya ba ta ƙaryatawa. "Ya bayyana cewa" da kowa ke so don tana da kwarjini, tana ɗauke da ma'anar abin gaskiya ne da ma yana ɓoye shi kuma ya fito da shi, to in ɗan siyasa na yabon kansa kika ce ya bayyana, kin sa masa hannu. "Ya tabbatar da" ta fi haka nauyi, ba a amfani da ita sai abin ya riga ya tabbata ta wata hanya kuma wanda ke da hurumi ya amsa, misali an ji labarin hatsari, hukumar kiyaye haɗurra ta tabbatar. "Ya yi iƙirarin" kuma tana ɗaga gira, tana cewa mu dai ba mu gani ba, tana da wajenta, kamar ƙungiyar da ta ce ita ta kai hari, amma in kika ba gwamnati "ta ce" kika ba adawa "ta yi iƙirari" a labari ɗaya, kin ɗauki ɓangare ko ba ki yi niyya ba. "Ya amsa cewa" na nufin da ma ana tuhumarsa. Ita kuwa "wai", ki bar ta a gida. A hira tana da amfani, amma a bakin mai karanta labarai "wai" gatse ce, kamar kina taɓe baki ne a gaban makirfo.

Sai 'yar uwarta "an ce" da "rahotanni na cewa". Waɗannan suna zaune a gurbin majiya amma ba majiya ba ne. In na ga "rahotanni sun ce" tambayata ɗaya ce, rahoton wa? In jaridar Daily Trust ce ta ruwaito ki ce ita ce, in mazauna garin ne suka gaya wa wakilinku ta waya ki faɗi haka, in kuma a Fesbuk kika gani to ba ki da labari tukuna, ki ɗauki waya.

Akwai kuma maganar "ni" da "mu". Alamar zance ba ta da sauti. In mai karatu ya buɗe baki ya ce "Ba za mu biya albashin wannan watan ba", ko da akwai "in ji kwamishina" a ƙarshe, na ɗan lokaci shi ne ba zai biya ba. Ki mayar da ita zancen rahoto, "kwamishinan ya ce gwamnati ba za ta biya ba". In kalmar mutumin ce ke da muhimmanci, musamman mai zafi, ki killace ta da "abin da ya kira": "ya soki abin da ya kira fashi da rana tsaka". In kuma kina da muryarsa a naɗe, ki sa muryar, amma ita ma ki faɗi sunansa kafin ta fito, kada murya ta faɗo wa mutane ba sallama.

Dole ne kowace jimla?

A'a. In kika jingina komai labarinki zai koma abin dariya. Ba a cewa "a cewar masana, gobe Juma'a". Abin da ya faru a bainar jama'a kuma ba mai jayayya a kai, kamar an rantsar da gwamna, an buga wasa an tashi biyu da ɗaya, an yi ruwan sama a Kano, wakilinku yana tsaye ya ga kasuwa na ci da wuta, wannan gidanku na iya faɗa da bakinsa. Gwajin da nake yi guda ɗaya ne kuma kowane Bahaushe ya iya shi. Ki karanta jimlar, ki yi tunanin wani dattijo mai gardama a majalisa ya katse ki ya ce "in ji wa?" In tambayar tasa ta zama shirme, ba kya buƙatar majiya. In kuwa tambayar na da ma'ana, to amsarta ce ya kamata ta buɗe jimlar.

Sau da yawa labari ɗaya yana ɗauke da iri biyun, sai ki raba su. Gobarar kasuwa tabbas ce, ki faɗe ta kai tsaye: "Gobara ta tashi a kasuwar kaza cikin daren jiya." Amma shaguna nawa suka ƙone, me ya haddasa ta, asarar nawa, waɗannan duk maganar wani ce: "Hukumar kashe gobara ta ce shaguna kaza ne suka ƙone. 'Yan kasuwar kuma sun ce adadin ya fi haka." Kin ga an buɗe da abin da ya faru, ba da hukuma ba, kuma ba a karya ƙa'ida ba. Zargi, ra'ayi, alkawari, hasashe, da adadin da ba ku ƙirga da kanku ba, su ne ba sa fita ba tare da mai su a gaba ba.

Kanun labarai ne wajen da za a ja ki da gardama, za a ce babu lokaci. Gaskiya ne kanu gajere ake so, amma "'yan sanda sun ce" bai fi sakan ɗaya da ɗoriya ba, kuma kanun ne abin da mutane suka fi ji, da yawa daga kanu suke kashe rediyo su fita. Ni na gwammace in yanke wata kalmar daban in bar majiyar.

Abu na ƙarshe da zan ja kunnenki a kai, sa majiya a gaba ba laya ba ce. Yana gaya wa mai sauraro wanda ya yi magana, amma ba ya wanke ki in maganar ƙazafi ce, wanda ya yaɗa ɓatanci yana iya amsa tambaya a kotu ko da ya ce wane ne ya faɗa, saboda haka zargi mai nauyi sai an nemi ɓangaren wanda ake zarga, kuma in kin ga abin ya yi kauri ki kai wa edita, shi ma in ya ga dama ya nemi lauya. Haka kuma ba ya amfani in majiyar kanta ba ta tabbata ba. A watan Satumban 2008 gidan talabijin na Channels ya ba da labarin cewa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa na iya yin murabus saboda rashin lafiya, an jingina shi ga NAN, sai NAN ta ce ba daga wajenta ya fito ba, jami'an tsaro suka rufe tashar na 'yan kwanaki. Ana iya jayayya a kan ko hukuncin ya yi tsauri, ni ina ganin ya yi, amma abin da ya shafe ki shi ne kafin ki rubuta "wane ya ce" ki tabbata wanen ne ya ce. Yanzu da ake yawo da takardun sanarwa na bogi a Wasaf har da tambarin hukuma da sa hannu, in takarda ta zo miki ki kira kakakin a lambar da ɗakin labaranku ya sani, ba lambar da ke jikin takardar ba.

Gobe in kin je aiki ki ɗauko labaranki uku da edita ya yi wa jan biro, ki samu wani da bai san labarin ba, ko mai gadi ne ko direba, ki karanta masa naki na asali sau ɗaya ba tare da ya ga takardar ba, ki tambaye shi wa ya faɗi wannan maganar. Sannan ki samu wani daban ki karanta masa gyararren ki yi masa tambaya iri ɗaya.